Daga babur a Dole Kaina zuwa kujerar darakta: Yadda tsanin aikin sayar da kayan kamfani yake

Katan ɗin taliya ko na sabulu da ya iso shago a Dole Kaina ya bi ta hannun aƙalla mutum uku da mai shagon ba lallai ya san biyu daga cikinsu ba. Akwai saurayin da ya kawo shi a kan babur ko cikin ƙaramar mota. Akwai manajan da ya daidaita da babban dila a Birnin Kebbi ko Kamba kan tirela nawa zai ɗauka a wata. Sai kuma darakta, wanda galibi a Legas yake zaune, shi ne ya sa hannu a kan farashin da adadin da ake so yankin ya saya a shekara.

Waɗannan ukun matakai ne na tsani guda, kuma a ƙa'ida na ƙasan zai iya hawa har sama. Aikin sayar da kaya na daga cikin ayyukan kamfani ƙalilan da ake auna mutum da lamba a kowane wata, don haka wanda ba shi da uwa a gindin murhu ma yana da abin nunawa. Matsalar ita ce lambar da ke kai mutum mataki na biyu ita ce kuma take yawan kayar da shi idan ya isa can. Garin kan iyaka irin Dole Kaina ya fi ko'ina nuna dalili.

Garin yana bakin kogin Neja, inda iyakokin Najeriya da Nijar da Benin suka matso kusa da juna. Iyakar Nijar ta ratsa ta gefensa, a ƙetaren ruwa kuma akwai Lolo ta ƙaramar hukumar Bagudo, wadda daga ita sai ƙasar Benin. Ana ciniki da naira, ana yi da sefa. Mai saye na iya zama ɗan gari, yana iya zama wanda zai loda kayan a kwalekwale kafin la'asar. A irin wannan wuri, "na sayar da katan dubu" magana ce da ke buƙatar tambaya ta biyu: wa ya saya, kuma ina kayan suka kwana?

Matakin farko: mai zagayen shaguna

Aikin wakilin da ke yawo ya fi kama da na ɗan sintiri. Ana ba shi taswirar zagaye: yau unguwa kaza, gobe ƙauyuka kaza, ranar kasuwa kuma kasuwa. Ana so ya shiga shago ɗaya a rana ɗaya kowane mako, har mai shagon ya saba, ya riƙa ajiye kuɗin kayansa yana jiran sa.

Lambobi uku ake kallo. A ɗauki misali da wakilin da aka rubuta wa shaguna 30 a rana. Na farko, nawa ya shiga da ƙafarsa. Na biyu, a cikin waɗanda ya shiga nawa suka saya. Idan 18 suka saya, kashi 60 cikin 100 ke nan. Na uku, kowane shago katan nawa ya ɗauka kuma kala nawa. Wakilin da ya sayar da katan 54 ga shaguna 18 da wanda ya zube katan 54 a wurin ɗan sari ɗaya ya koma gida da azahar, a takardar ƙarshen wata daidai suke. A idon mai duba aiki da ya san abin da yake yi, tazararsu tana da yawa. Na farkon ya gina kasuwa. Na biyun ya ɗora albashinsa a kan mutum ɗaya, wanda duk ranar da wani kamfani ya rage masa naira 100 a katan zai juya baya.

Ƙwarewar da ake nema a nan ba ta da yawa, sai dai ba ta da sauƙi. Akwai juriyar jin "ba yau ba" sau goma sha biyu a rana a koma mako mai zuwa da fara'a. Akwai ido: kafin a gama gaisawa wakili ya riga ya ga kayan wa ke gaban kanta, na wa aka tura bayan buhu, wanne ne kwanan lalacewarsa ya matso. Akwai harshe. A wannan yanki Hausa na kai mutum nesa, amma wanda ke jin Zabarmanci ko Dandanci yana shiga inda wani ba ya shiga, domin Dandanci harshen kasuwa ne a arewacin Benin, irin su Malanville da Kandi. Wanda ya iya lissafin sefa da baki, ya san jaka nawa ke daidai da naira dubu goma a canjin safiyar nan, shi ma ya fi abokan aikinsa.

Sai amanar kuɗi, wadda ita ce ke kashe aikin mafi yawan masu farawa. Ba kullum sata ke jawo hakan ba. Wakili ya ba mai shago katan biyar zuwa jibi don ya cika adadin da aka yanka masa, jibi ta zo ba a biya ba, sai ya ɗauki kuɗin wani shagon ya toshe ramin. Mako uku a haka, ramin ya zama rijiya. Alamar tana fitowa a littafi tun kafin a kama shi: kayan da ya fita da su suna ƙaruwa, kuɗin da yake shigarwa kullum yana zuwa da jinkirin kwana ɗaya, sannan biyu. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023 bayan sauya fasalin naira ya tura shaguna da yawa ga tiransifa da na'urar POS, abin da ya rage ɗaukar tsabar kuɗi a hanya. Ya kuma kawo sabon tarko, wato karɓar kuɗin kamfani ta asusun kai "saboda sabis ba shi da kyau".

Yanayin aikin ya yi tsada. Tun cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Garuruwan iyaka kuwa sun riga kowa ɗanɗana wahalar, tun lokacin da hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka a Nuwamban 2019. Wakilin da alawus ɗin mansa bai tashi tare da farashin ba, abin da yake yi shi ne yanke ƙauyukan nesa daga zagayensa ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Haka kamfani ke rasa kasuwa a hankali.

Tsani biyu ne, ba ɗaya ba

Akwai abin da yawancin masu shiga aikin ba su sani ba sai sun daɗe a ciki. Da yawa daga cikin samarin da ke sanye da rigar kamfani ba ma'aikatan kamfanin ba ne. Dila ne ke biyan su, ko wani kamfanin ɗaukar ma'aikata na kwantiragi. Rigar ɗaya ce, tsanin daban. Wanda ke ƙarƙashin dila iyakarsa ya zama shugaban yaran dilan ko mai kula da sito. Kafin ya shiga layin da ke kaiwa ga manaja sai kamfanin da kansa ya ɗauke shi, kuma a nan ne ake tambayar digiri ko babbar difloma da takardar hidimar ƙasa.

Wannan shinge ya fi cutar da yankuna irin Dandi da Bagudo. Wanda ya san kowane mai shago daga Kamba zuwa Illo sau da yawa takardar sakandare gare shi. Mai digirin da aka turo daga nesa kuma bai san ranar kasuwa ba. Hanyar da ta rage wa na farko ita ce haɗa aiki da karatu, a irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru ko Jami'ar Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko Buɗaɗɗiyar Jami'a. Yana da nauyi ga mutumin da ke kan babur kwana shida a mako, amma ƙwazon kasuwa kaɗai ba ya buɗe wannan ƙofar a manyan kamfanoni.

Sauyin da aka samu a shekarun nan ya ƙara wa batun muhimmanci. A Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da cewa zai daina sayar da kayansa da kansa a Najeriya, ya miƙa wa masu rarrabawa. A Disambar shekarar kamfanin Procter & Gamble ya ce zai daina sarrafa kaya a ƙasar, ya koma shigo da su kawai. Kayan ba su ɓace daga kanta ba, amma guraben da ke ɗauke da tsani mai tsawo sun ragu a irin waɗannan kamfanoni, sun koma hannun manyan masu rarraba kaya da kamfanonin cikin gida. A Kebbi, masana'antun shinkafa irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, da masu sayar da taki da maganin feshi, da kamfanonin POS, duk suna buƙatar masu sayarwa. Tambayar da ta kamaci mai neman aiki tun ranar farko ita ce: sunan wa ke kan takardar ɗaukata?

Mataki na biyu: lokacin da dila ya zama aikinka

Tsakanin wakili da manaja akan bi ta muƙamin mai duba wakilai. Amma babban sauyi yana zuwa ne ranar da aka damƙa wa mutum manyan abokan ciniki, aka ce ga dilolinka uku ko biyar, kai ne fuskar kamfani a wurinsu. Shaguna ɗari biyu sun koma mutum biyar, kuma kowanne cikin biyar ɗin ya fi manajan kuɗi, sau da yawa ya girme shi.

A nan daɗin baki ya daina aiki. Alhajin da ya zuba miliyoyi a sito abu ɗaya ya dame shi: me kuɗinsa ke haifa masa idan aka kwatanta da abin da za su haifa a shinkafa ko siminti? Manajan da bai iya wannan lissafi ba, ɗan aike ne mai kawo takardar farashi.

Ga misali da lambobin da aka sauƙaƙa don a ga yadda abin ke tafiya. Dila yana sayar da kayan naira miliyan 60 a wata, wato miliyan 2 a rana. Ribarsa kashi 4 cikin 100, miliyan 2.4 ke nan. Ya cire kuɗin mai da gyaran motoci da albashin yara da hayar sito, a ce miliyan 1.5. Abin da ya rage masa naira dubu 900. Jarin da ya ɗaure kuwa kashi biyu ne: kayan da ke sito na kwana 13, miliyan 26, da bashin da ke hannun 'yan sari na kwana 7, miliyan 14. Jimla miliyan 40. Dubu 900 a kan miliyan 40 ya kama kashi 2.25 a wata, kashi 27 a shekara.

Ga wanda bai duba waje ba, kashi 27 riba ce mai kyau. Amma a Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance, sannan hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar. A irin wannan yanayi dilan misalinmu yana gudu ne a wuri ɗaya, ko ma yana ja da baya.

Yanzu a kawo sabon manaja, tsohon zakaran wakilai, wanda duk rayuwarsa ta aiki an koya masa cewa ƙarshen wata a cika adadi ko ta halin ƙaƙa. Ranar 28 ga wata ya ga saura miliyan 20. Ya je ya roƙi Alhaji ya ɗauki ƙarin kaya, ya haɗa da alkawarin ɗan rangwame. Alhaji ya ɗauka don kunya. Manaja ya cika adadinsa, ya karɓi kamasho, an yaba masa a taro. Amma mutanen gari ba su ƙara cin taliya ba. Kayan sito sun tashi daga na kwana 13 zuwa na kwana 23, jarin da ke ɗaure ya koma miliyan 60, ribar tana nan dubu 900. Kashi 27 ya faɗo 18.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Dilan da kuɗinsa suka maƙale zai karya farashi don ya kuɓutar da su. Zai tura kayan yankin wani dila, ko ya sayar wa duk wanda ya zo da tsabar kuɗi daga ƙetare ba tare da tambaya ba. Dilan maƙwabta ya ga kayan kamfani ɗaya a kasuwarsa ƙasa da yadda ya saya, sai ya rage oda. Wata mai zuwa ramin ya fi na baya, manaja ya sake komawa roƙo.

Manajan da ya san aikinsa ta ɗaya gefen yake ɓullowa. Yana zama da dila su rage kayan sito zuwa na kwana 10 ta hanyar kawo kaya kaɗan-kaɗan a kai a kai, su matse bashi zuwa kwana 5 ta hanyar yanke wa masu jinkiri. Jarin ya sauko miliyan 30. Ba a ƙara sayar da ko katan ɗaya ba, amma dubu 900 a kan miliyan 30 kashi 3 ne a wata, 36 a shekara. Miliyan 10 da ta kuɓuta ita ce za a ce wa Alhaji ya sa a ƙarin mota da yaro ɗaya don ƙauyukan da aka daina zuwa. Daga nan ne ƙarin ciniki na gaskiya ke fitowa, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya bayyana a takarda. Shi ya sa ake buƙatar manajan da zai iya tsayawa gaban maigidansa ya ce wannan watan ba zan cika ba, ga dalili, ga lissafi.

Ke nan ƙwarewar wannan mataki ta haɗa da karanta littafin dila, iya aiki da jadawalin lissafi a kwamfuta, sanin yadda ake ciniki a ba da wani abu a karɓi wani, da bin haƙƙin dila a cikin kamfani. Wannan na ƙarshen ba a cika ambatarsa ba. Kuɗin kayan da suka lalace a hanya, ko rangwamen da aka yi alkawari aka yi wata huɗu ba a biya ba, su ne ke ɓata zumunci fiye da farashi. Manaja rabin aikinsa a ofishin kuɗi da na sufuri na kamfaninsa yake yin sa, yana rarrashin mutanen da ba ya da iko a kansu.

Inda iyaka ke ruɗa lissafi

Bambanci tsakanin abin da kamfani ya sayar wa dila da abin da jama'a suka saya suka yi amfani da shi yana ko'ina. A kan iyaka akwai ƙarin ƙofa ta uku da kaya ke fita, kuma canjin kuɗi ne ke buɗe ta.

Sefa a ɗaure take da yuro, a kan 655.957 kowane yuro ɗaya. Naira kuwa an sake ta a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. Idan naira ta faɗi haka, kayan Najeriya kan zama araha ga mai riƙe da sefa. A ce jaka ɗaya, wato sefa 1,000, tana naira 1,250. Katan na naira 10,000 jaka takwas ne. Idan jakar ta koma naira 2,500, katan ɗin ya zama jaka huɗu. Ko kamfani ya ƙara farashi zuwa naira 14,000, ɗan kasuwar Malanville ko Gaya zai biya sefa 5,600, har yanzu ƙasa da da.

Wakilin da ke wannan yanki a irin wannan lokaci zai ga cinikinsa ya ninka ba tare da ya ƙara shago ko ɗaya ba. Kamfanin da ba ya bincike zai ɗauka ya samu gwarzo, ya ƙara masa girma, ya kuma ɗora adadin baɗi a kan na bana. Sai ranar da ƙofar ta rufe. Ta sha rufewa kuwa. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilun 2022. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a Maris ɗin 2024. Rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville bayan juyin mulkin ya karkatar da mutane da kaya zuwa ruwa da wasu hanyoyi. Kowane ɗaya daga waɗannan ya motsa lambobin ciniki sama ko ƙasa ba tare da hannun wani wakili ba.

Ana iya gane wannan ciniki idan an duba. Adadin shagunan da ke saye bai ƙaru ba amma katan ya ninka. Mutum biyu ko uku ne ke ɗauke da rabin cinikin. Kala ɗaya ko biyu ne ke tafiya, waɗanda ake so a ƙetare, sauran suna zaune. Masu sayen ba sa neman bashi, tsaba suke biya. Wakilin da ya rubuta wa maigidansa cewa kashi kaza na cinikina ba na gari ba ne, kada a gina lissafi a kansa, ya rage wa kansa yabo na wata ɗaya, amma ya nuna irin tunanin da ake nema a mataki na gaba. Ya kuma tsare kansa, domin tsakanin sayar wa baƙo a shago da shirya masa hanyar da za ta kauce wa kwastam akwai layi, kuma wanda ya tsallake shi ba kamfanin da zai tsaya masa.

Mataki na uku: darakta ba ya sayar da komai

Daga manaja akan wuce manajan shiyya, mai kula da jihohi da dama daga Kano ko Kaduna, kafin a kai darakta. Kujerun suna raguwa sosai. Kamfani mai wakilai ɗaruruwa darakta ɗaya gare shi, kuma yawancin masu hawa tsanin a tsakiya suke yin ritaya ko su fita su zama diloli da kansu, wanda ba faɗuwa ba ce.

Darakta na iya shekara bai sayar da katan ɗaya da bakinsa ba. Babban abin da yake sayarwa shi ne hasashe. Shi ke faɗa wa masana'anta cewa a watanni uku masu zuwa za a sayi kaza, a kan maganarsa ake sayo alkama ko sinadari da dala, a ɗauki ma'aikata, a yi hayar tireloli. Idan ya zarce, kaya su cika sito su lalace. Idan ya gaza, kanta ta zama fanko abokin hamayya ya shiga. Cinikin bogi irin na kan iyaka, idan ya ratsa ta hannun wakili da manaja da manajan shiyya ba wanda ya tace shi, a teburinsa yake fashewa.

Shi ne kuma ke yanke shawarar da ba ta da daɗi. Shin ya dace a ci gaba da tura mota ƙauyukan bakin kogi alhali kuɗin kai katan ɗaya can ya cinye ribarsa, ko a bar wa 'yan sari masu zuwa Kasuwar Singa a Kano su cike gurbin? Bayan da hedikwatar tsaro ta sanar da ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi a Nuwamban 2024, waɗanne hanyoyi ne za a ce wa ma'aikata kada su bi, kuma wa zai ɗauki asarar cinikin? Idan kayan kamfani suna ƙetarawa Benin ta bayan fage, a yaƙi abin ne ko a mayar da shi halal ta hanyar naɗa dila a can a fitar da kaya da takardu a ƙarƙashin tsarin cinikin ECOWAS? Benin tana cikin ƙungiyar, Nijar ta fice a Janairun 2025, don haka amsar ɓangarorin biyu na Dole Kaina ba lallai ta zo ɗaya ba.

Mafi tasiri a cikin ayyukansa shi ne tsara kamasho. Duk ɓarnar da aka bayyana a sama, ta tura wa dila kayan da ba ya buƙata, daga nan take farawa. Idan an biya manaja a kan abin da dila ya ɗauka, zai cusa. Idan an biya shi a kan abin da ya fita daga siton dila zuwa shaguna, da kuɗin da aka karɓo, da yawan shagunan da ke saye, halinsa zai sauya ba tare da wa'azi ba. Tsari na biyun ya fi wuyar aunawa, yana buƙatar kowane wakili ya riƙa shigar da cinikinsa a waya shago bayan shago, a wuraren da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci ma layin ƙasar maƙwabta wayar ke kamawa.

Ƙwarewar da ake nema a nan ta koma ta kuɗi da ta mutane: karanta riba da asarar kamfani gaba ɗaya, zaɓen manajoji da sallamar wanda ya kamata, da iya bayani da Turanci a gaban hukumar gudanarwa. Da yawa kan ƙara digiri na biyu a harkar kasuwanci ko rajista da Cibiyar Masana Kasuwanci ta Najeriya. Kusan dole ne kuma mutum ya yi aiki a fiye da shiyya ɗaya. Wanda bai san kasuwar Onitsha ko manyan kantunan Legas ba, da wuya a damƙa masa ƙasa baki ɗaya, kamar yadda wanda bai taɓa ganin yadda damina ke yanke hanya a bakin Neja ba yake rubuta adadin Agusta daidai da na Disamba.

Wannan buƙata ta yawo ita ce shinge na biyu ga ɗan Kebbi bayan na takarda. Karɓar canjin wurin aiki zuwa Fatakwal ko Ibadan yana nufin barin iyali da gona, a shekarun da ake aurar da ƙanne ana kula da iyaye. Wasu sukan ƙi, kuma suna da hujja. Yankin dai ba baƙon fatauci mai nisa ba ne: ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja a ƙarni na 19 ta wajen Illo da Gaya wasunsu ke ƙetare kogin, madugu na gaba, yaran da ke koyon hanya na biye. Bambancin shi ne yaron madugu yana ganin maigidansa kullum, yana jin yadda yake ciniki da masu gari. Wakilin da ke Dole Kaina yana iya shekara biyar bai haɗu da manajan shiyyarsa ba sai a taron ƙarshen shekara, kuma littafin dila, wanda shi ne jarrabawar mataki na gaba, ba wanda zai buɗe masa idan bai roƙa ba.